Yadda ake haɗa da'irar fariti da ƙofofin XOR, da kurakuran da ke wuce ta ba ta gani ba

Duk wanda ya taɓa saita na'ura mai magana ta waya, ko sikelin awo ne ko inbata ta sola, ya ga wurin da ake zaɓar `Even` ko `Odd` ko `None`. Wannan zaɓi na fariti ne. Ɗalibanmu na makarantun fasaha a Garwa da Marwa suna haddace teburinsa don jarrabawa, amma da yawa suna fita da fahimtar da ba daidai ba, wato in fitilar kuskure ba ta kama ba to saƙo ya iso lafiya. Ba haka ba ne. Abin da rashin kamawar fitilar ke nufi ya fi haka ƙanƙanta sosai, kuma hanya mafi sauƙi ta gane shi ita ce mutum ya haɗa da'irar da hannunsa, ya jefa mata kuskure da gangan, ya ga wanda take kamawa da wanda ke wuce ta. Da'irar da za mu haɗa a nan aisi uku kawai take ci, wato ƙananan guntayen lantarki masu ƙafafu, duk iri ɗaya.

Mu fara da ainihin dabarar. Kana da bit huɗu da za ka aika, kowanne ko 0 ko 1. Sai ka ƙirga 1 nawa ne a cikinsu. Idan adadin mara ne, wato ɗaya ko uku, sai ka ƙara bit na biyar mai ɗauke da 1 don adadin ya zama cika. Idan dama cika ne, wato sifili ko biyu ko huɗu, bit na biyar ya zama 0. Wanda ya karɓa zai ƙirga duka biyar ɗin. In ya samu cika sai ya yi shiru, in ya samu mara ya san wani abu ya taɓu a hanya. Wannan shi ne fariti na cika. Akwai na mara, wanda ake cika adadin ya zama mara kullum, za mu zo kansa.

Ƙofar XOR ita ce ke yin wannan ƙirga ba tare da ta iya lissafi ba. Tana da mashiga biyu da mafita ɗaya, kuma tana ba da 1 ne kawai idan mashigan biyu sun sha bamban.

```
A B | A XOR B
0 0 |   0
0 1 |   1
1 0 |   1
1 1 |   0
```

Ka duba teburin da idon mai ƙirga. Inda 1 ɗaya ne, mafita 1. Inda babu ko ɗaya, ko kuma biyu ne, mafita 0. Ashe ƙofar tana amsa tambaya ɗaya ce: adadin 1 mara ne? Idan ka ɗauki amsarta ka shigar da ita wata ƙofar tare da bit na uku, sabuwar amsar ta shafi bit uku. Haka za a yi ta tafiya, kowane ƙarin bit yana cin ƙarin ƙofa ɗaya. Bit huɗu ƙofa uku, bit biyar ƙofa huɗu, bit takwas ƙofa bakwai.

```
P   = D3 ⊕ D2 ⊕ D1 ⊕ D0
ERR = R3 ⊕ R2 ⊕ R1 ⊕ R0 ⊕ RP
```

Alamar ⊕ ita ce XOR. Harafin D na abin da aka aika ne, R na abin da ya iso, P bitin fariti, `ERR` kuma siginar kuskure.

Kayan aiki

Kana buƙatar aisi `74HC86` guda uku. Kowanne yana da ƙafa 14 da ƙofar XOR huɗu a ciki, jimla goma sha biyu: uku na mai aikawa, huɗu na mai dubawa, biyar na jefa kuskure. Ba ko ɗaya da zai zauna banza. Sai allon gwaji mai ramuka, makunni ƙanana guda tara, rizisto na `10k` guda goma sha huɗu, na `1k` guda shida, fitilar LED shida wadda ɗaya ja ce, kafasito mai rubutun `104` guda uku, da siraran wayoyi masu launi daban-daban. Wuta kuwa bolt 5 ce. Cajar waya mai kyau ta isa, amma ka auna ta da mita tukuna, domin wannan aisin ba ya son abin da ya wuce bolt 6. Inda wutar gari ke yawan ɗaukewa, batir mai bolt 9 tare da `7805`, mai saukar da wutar zuwa bolt 5, ya fi kwanciyar hankali.

Idan mai shago ya miƙo maka `74LS86` ya ce duk ɗaya ne, ƙafafunsu dai ɗaya ne, amma halinsu ya bambanta. Mashigar LS tana fitar da ɗan ƙaramin lantarki idan ana son ta zauna a 0, don haka rizisto na `10k` zuwa ƙasa, wato layin sifilin bolt, ba zai iya saukar da ita ba, za ta riƙa karanta 1 ko makunni a kashe yake. In LS ɗin kaɗai ka samu, ka juya tsarin: rizisto ya tafi bolt 5, makunni ya tafi ƙasa, ka tuna cewa yanzu rufe makunni 0 yake bayarwa. Bayanin da ke tafe na HC ne.

Lokacin hunturu, sa'ad da iska ta bushe har riga ke tartsatsi a jiki, ka taɓa ƙarfen da ke haɗe da ƙasa kafin ka ɗauki aisin. Irin wannan cajin jiki yana iya lalata mashigar HC ba tare da an ga wata alama a waje ba.

Haɗawa, daki-daki

Ka kafa aisi ukun a tsakiyar allo, tsagin da ke kansu duk yana kallon hagu. Ƙafa ta 1 tana ƙasa daga hagu, a ƙirga zuwa dama har 7, a hau sama a dawo hagu daga 8 zuwa 14. Mu kira su `U1`, `U2`, `U3`. A kowanne, ƙafa ta 14 ta tafi bolt 5, ta 7 ta tafi ƙasa, kafasito `104` ya zauna tsakanin wuta da ƙasa kusa da jikin aisin. Ƙofofin huɗu haka suke:

```
1, 2   → 3
4, 5   → 6
9, 10  → 8
12, 13 → 11
```

Lura da layi biyu na ƙasa. A gefen sama mafita ita ce mai ƙaramar lamba, 8 da 11, kuma nan ne aka fi rikicewa.

Yanzu makunnai. Kowane makunni ƙafarsa ɗaya tana bolt 5, ɗayar tana zuwa mashigar aisi, kuma a wannan wurin ne rizisto `10k` zai sauka ƙasa. Makunni a buɗe 0 ne, a rufe 1. Kar ka tsallake rizistan nan. Mashigar HC da aka bari ba a haɗe da komai ba ba ta zama 0, tana lilo ne, har kusantowar hannunka na iya canza ta. Huɗu daga makunnan su ne `D3` zuwa `D0`. Biyar ɗin da suka rage su ne na kuskure: `E3`, `E2`, `E1`, `E0`, `EP`.

Mai aikawa yana kan `U1`. `D3` ƙafa ta 1, `D2` ta 2, `D1` ta 4, `D0` ta 5. Ka ja waya daga 3 zuwa 9, wata daga 6 zuwa 10. Ƙafa ta 8 ita ce P. Mun haɗa su biyu-biyu ne sannan muka haɗa amsoshin, maimakon jera su a layi ɗaya. Amsar ɗaya ce, sai dai sigina tana ratsa ƙofa biyu maimakon uku. A bit huɗu bambancin ba wani abu ba ne, amma a bit takwas hawa uku ne maimakon bakwai, kuma kowace ƙofa tana da ɗan jinkirinta.

Kafin ka ci gaba, ka tsaya ka gwada wannan ɓangaren shi kaɗai. Ka ɗaura ƙafa 12 da 13 na `U1` da duk mashigan sauran aisi biyun a ƙasa na ɗan lokaci, ko ka bar su ba wuta. Ka sa mita a ƙafa ta 8, ka bi haɗuwa goma sha shida na makunnai huɗun. Takwas za su ba da kusan bolt 5, takwas kusan sifili. Ga gwaji mai sauri: daga kowane matsayi, juya makunni ɗaya tak dole ya juya P. Idan akwai makunnin da ka taɓa P bai motsa ba, wayarsa ce ba ta shiga ba.

Sai hanyar da saƙo zai bi, wadda a nan muke lalata ta da gangan. Ƙofar XOR tana da wani hali mai amfani: idan mashiga ɗaya 0 ce, ɗayar tana wucewa yadda take, idan kuma 1 ce, ɗayar tana juyewa. Don haka kowane bit zai ratsa ƙofa guda tare da makunninsa na kuskure. A kan `U3`, `D3` da `E3` su shiga 1 da 2, `R3` ya fito a 3. `D2` da `E2` su shiga 4 da 5, `R2` a 6. `D1` da `E1` su shiga 9 da 10, `R1` a 8. `D0` da `E0` su shiga 12 da 13, `R0` a 11. Shi ma bitin fariti yana iya lalacewa a hanya kamar kowa, saboda haka ƙofar da ta rage a `U1` tasa ce: waya daga 8 zuwa 12, `EP` a 13, `RP` ya fito a 11.

Mai dubawa yana kan `U2`, kuma rabinsa na farko kwafin mai aikawa ne. `R3` ƙafa ta 1, `R2` ta 2, `R1` ta 4, `R0` ta 5, waya daga 3 zuwa 9, daga 6 zuwa 10. Abin da ya fito a 8 shi ne faritin da mai karɓa ya lissafa da kansa. Ka kai shi 12, ka kai `RP` ƙafa ta 13, ƙafa ta 11 ita ce `ERR`. Ƙofar ƙarshen nan tana kwatanta fariti biyu ne, wanda aka turo da wanda aka lissafa, ta kuma ba da 1 idan sun saɓa. A kan `ERR` ka sa jar fitila ta cikin rizisto `1k` zuwa ƙasa, doguwar ƙafar fitilar a ɓangaren aisi. Sauran fitilu biyar su zauna a kan `R3` zuwa `R0` da `RP` don ka riƙa ganin abin da ya iso. Rizisto `10k` biyar da suka rage ka sa su daga mashigan `U2` biyar ɗin zuwa ƙasa. Amfaninsu zai fito idan muka zo yanke waya.

Da duk makunnan kuskure a kashe, jar fitila kada ta kama a ko ɗaya daga haɗuwa goma sha shida. In ta kama a dukkansu, wani makunnin kuskure yana 1, galibi rizistansa ne bai shiga rami ba. In ta kama a takwas ta ƙi a takwas, waya ɗaya ce ba ta isa `U2` ba, kuma za ka gane ta da cewa fitilar na bin makunnin bit ɗin nan, tana kamawa idan ya kunna. In tana ƙyaftawa idan ka kawo hannu kusa, akwai mashigar da ke lilo. Ka bi ƙafafun da mita: duk inda ka ga abin da ba kusa da sifili ba kuma ba kusa da 5 ba, kamar bolt 2, nan matsalar take. In aisi ya yi zafin da yatsa ba zai jure ba, ka cire wuta nan take, ko an juya shi ne ko mafita biyu sun haɗu a layi ɗaya.

Mu aika lamba 5

Ka saita `0101`. A `U1`, ƙafa ta 3 za ta ba da 1 domin 0 da 1 sun bambanta, ta 6 ma 1, ta 8 kuma 0 domin 1 da 1 ɗaya ne. P sifili ne, kuma daidai ne tunda 1 biyu ne a saƙon. Abin da ke kan waya shi ne `0101 0`.

Ka kunna `E1`. Fitilun karɓa za su nuna `0111`, wato 7. Mai dubawa ya samu 1 a ƙafa ta 3, 0 a ta 6, 1 a ta 8. An turo masa 0, shi ya lissafa 1, jar fitila ta kama. Aikin da aka gina da'irar domin shi ke nan. Amma ka lura da abin da fitilar ba ta faɗa maka ba. Ka kashe `E1` ka kunna `E3`, fitilar ɗaya ce. Ka kashe shi ka kunna `EP`, har yanzu ɗaya ce, alhali wannan karon lambar 5 ta iso lafiya, bitin fariti ne kawai ya taɓu. Fitila ɗaya ba za ta iya nuna wuri ɗaya cikin biyar ba. Shi ya sa fariti guda ba ya gyara komai, iyakarsa ya ce a sake turowa.

Yanzu ka kunna `E1`, ka bar shi, ka ƙara `E0`. Abin da ya iso `0110` ne, wato 6. Jar fitila ta mutu. Kuskure ya ƙaru, ƙararrawa ta yi shiru. Ka bi shi da mita ka gani: ƙafa ta 3 tana 1, ta 6 tana 1, ta 8 tana 0, ya yi daidai da 0 ɗin da aka turo. Da'irar ba ta lalace ba, lissafinta daidai ne, domin 6 ma 1 biyu gare ta kamar 5. Ka gwada `E3` da `E2` tare, 5 ta koma `1001`, wato 9, fitila a mace. Idan wannan ita ce lambar farko a nauyin buhunan auduga ko a kuɗin da za a biya manomi, dubu biyar ta zama dubu tara ke nan ba wanda ya ce uffan. Ka kunna uku, `E2` da `E1` da `E0`, fitila ta dawo. Ka ƙara na huɗu, ta sake mutuwa.

Kamar mai albasa ne a Marwa ya loda mota zuwa Garwa, bai faɗa wa ɗan'uwansa adadin buhu ba, ya ce masa kawai in ya jera su biyu-biyu ba wanda zai rage. Buhu ɗaya ya faɗi a hanya, za a gane. Biyu suka faɗi, jeri zai tashi daidai.

Dalilin a lissafe gajere ne. Kowane bit da ya iso shi ne wanda aka aika XOR makunninsa na kuskure. Idan ka zuba wannan cikin tsarin `ERR`, kowane D zai bayyana sau biyu, sau ɗaya da kansa sau ɗaya a cikin P, kuma abu XOR kansa sifili ne. Duk saƙon ya share kansa, abin da ya rage:

```
ERR = E3 ⊕ E2 ⊕ E1 ⊕ E0 ⊕ EP
```

Jar fitila ba ta san komai game da saƙonka ba. Tana ƙirga kurakurai ne kawai, ta faɗi ko mara ne. Da makunnai biyar akwai hanyoyi 31 na lalata saƙo. Na kuskure ɗaya 5 ne, na uku 10, na biyar 1, jimla 16, duk ana kama su. Na biyu 10 ne, na huɗu 5, jimla 15, duk suna wucewa. Ina ba kowane ɗalibi shawara ya bi 31 ɗin nan da hannu ya rubuta, domin bayan haka ba zai ƙara ɗaukar mutuwar fitila a matsayin shaidar lafiya ba.

To in kusan rabi na wucewa, me ya sa ake amfani da shi? Saboda hanyoyin 31 ba daidai suke faruwa ba. A layi mai tsabta inda kowane bit ke lalacewa shi kaɗai, jefi-jefi, kuskure biyu a harafi guda abu ne mai wuya. Mu ɗauki misali don lissafi kawai, a ce bit ɗaya cikin 1000 ke juyewa, harafi kuma bit tara ne da faritinsa. Haruffa kusan 9 cikin 1000 za su zo da kuskure ɗaya, a kama su. Masu kuskure biyu kusan 36 ne cikin miliyan, domin hanyoyi 36 ne na zaɓar biyu daga tara. Ƙanƙani ne a ido. Amma a gudun bit 9600 a daƙiƙa, inda kowane harafi ke cin bit 11 har da bitin farawa da na tsayawa, haruffa kusan 870 ke wucewa a daƙiƙa, wato gurɓataccen harafi ɗaya zai shige a ɓoye kusan kowane rabin minti.

Kuma wannan lissafin ya yi wa hayaniya kyakkyawan zato. A zahiri ba ɗai-ɗai take zuwa ba. A gudun 9600 kowane bit yana ɗaukar kusan kashi 104 cikin miliyan na daƙiƙa. Injin famfon rijiya ya tashi, ko mai walda ya ɗana a shagon da ke maƙwabtaka, ko tsawar damina ta faɗi kusa, tartsatsin na iya rufe bit biyu ko uku ko fiye a jere. Idan hayaniya ta dagula harafi gaba ɗaya, cika da mara kunnen doki suke, rabin irin waɗannan haruffa za su wuce.

Akwai wasu kurakuran da makunnai ba za su nuna maka ba, sai ka taɓa wayoyin. Na farko, ka kashe duk makunnan kuskure, ka musanya wayar `R1` da ta `R0` a inda suke fitowa daga `U3`, yadda fitilu da mai dubawa duk za su ga musanyar. Ka aika 5, fitilu su nuna 6. Ka bi lambobi goma sha shida, rabinsu za su iso a gurɓace, jar fitila kuwa ba za ta kama ko sau ɗaya ba. XOR ba ruwanta da wane ne ya zauna a ina. Wannan kuskuren mai haɗa waya ne, ya fi hayaniya yawa a sabon aiki, kuma fariti makaho ne a kansa ɗungurungum. Maganinsa a aika 1, 2, 4, 8 ɗaya bayan ɗaya ranar da aka gama haɗi, a duba da ido fitilar da ta kama.

Na biyu shi ne wanda ya fi damuna. Ka zare wayoyi biyar ɗin daga ɓangaren aikawa, kamar igiyar ta tsinke gaba ɗaya. Rizistocin `10k` za su ja komai ƙasa, mai dubawa ya ga `0000 0`. Babu 1 ko ɗaya, sifili kuma cika ne, fitila a mace. Layi ya mutu murus, da'ira na cewa lafiya lau, an turo sifili. A nan fariti na mara ke da amfani. Ka mayar da wayoyin, ka kunna `EP` ka bar shi a kunne. Yanzu yana juya P kullum, abin da ke kan waya kullum 1 ɗinsa mara ne, fitilar kuma ma'anarta ta juye: a kunne lafiya, a mace matsala. Ka sake zare wayoyin, fitilar za ta mutu, ka san da magana. Wannan tsari yana da wata riba, domin idan fitilar kanta ta ƙone ko wutar mai dubawa ta ɗauke, za ka gani, saɓanin tsarin farko inda ƙonanniyar fitila da lafiyayyen saƙo kamanninsu ɗaya.

Sai dai kar a ɗauka na mara ya fi ko'ina. Da rizistocin sama suke ja, zuwa bolt 5, mataccen layi zai karanta `1111 1`. Biyar mara ne, fariti na mara zai karɓa, na cika ne zai kama. A bit takwas da fariti ma haka ne, tara mara ne. Saboda haka ka fara tambayar kanka inda layinka ke faɗawa idan ya tsinke, ƙasa ko sama, sannan ka zaɓi faritin da zai ƙi wannan yanayin.

Na uku ba ya buƙatar gwaji. Duk abin da ya lalace kafin mai aikawa ya lissafa P, faritin zai rufa masa asiri. Makunni mai ƙura ya ba da 0 maimakon 1, `U1` zai lissafa fariti mai kyau a kan gurɓatacciyar lamba. Kariyar tana farawa ne daga ƙafar `U1` ta ƙare a ƙafar `U2`.

Idan za ka wuce bit huɗu, ba sai ka tara ƙofofi ba. Aisi `74HC280` yana karɓar mashiga tara, ya ba da amsar cika a ƙafa ta 5, ta mara a ƙafa ta 6. Wajen aikawa ka shigar da bit takwas, ka ɗaura mashiga ta tara a ƙasa, ka ɗauki ƙafa ta 6 a matsayin P na cika. Wajen karɓa ka shigar da duka tara, ƙafa ta 6 ɗin ce `ERR`. Makantarsa daidai take da ta da'irarmu, bai rage ko ɗaya ba.

A layin siriyal kuwa aikin yana cikin na'urar, kai dai saiti za ka yi. A Arduino layi ɗaya ne:

```
Serial.begin(9600, SERIAL_8E1);
```

Bit takwas, fariti na cika, bitin tsayawa ɗaya. Dole ɓangarorin biyu su yi saiti ɗaya, kuma yadda abin ke lalacewa yana nuna inda aka saɓa. In ɗaya cika ɗaya mara, kowane harafi za a ƙi shi. In mai aikawa yana `8E1` mai karɓa yana `8N1`, wato ba fariti, mai karɓa zai ɗauki bitin fariti a matsayin bitin tsayawa, don haka haruffan da faritinsu 0 ne za su zo masa a matsayin masu karyayyen tsari, waɗanda faritinsu 1 ne su wuce. A Arduino Uno harafin da faritinsa bai yi daidai ba ana jefar da shi ne shiru, shirinka ba zai samu labari ba, sai dai ka ga saƙo ya zo da giɓi.

Inda kuskure biyu ba abin lamunta ba ne, ana ƙara bitocin dubawa ne yadda kowane bit zai shiga ƙirga fiye da ɗaya. Mafi sauƙi a jera saƙo kamar tebur, a yi fariti ga kowane layi da kowane ginshiƙi. Kuskure ɗaya zai kunna layi ɗaya da ginshiƙi ɗaya, mahaɗarsu ita ce wurin, sai a juya shi a gyara. Biyu a layi ɗaya za su ɓuya wa layin amma su kunna ginshiƙai biyu. Abin da ke wuce wannan tsari shi ne huɗu da suka zauna a kusurwoyin murabba'i. Tsarin da Richard Hamming ya wallafa a 1950 yana sa wa bit huɗu fariti uku, kowanne yana duba bit uku daga ciki, kuma fitilu ukun suna nuna lambar wurin da ya lalace. Kowane fariti a cikinsa ƙofar XOR biyu ce, ke nan da `74HC86` biyu za ka haɗa ɓangaren aikawa a kan wannan allon. Na'urori masu magana da Modbus RTU, irin wasu inbatoci da mitocin lantarki, ƙa'idarsu ta tanadi fariti na cika ga kowane harafi, amma ba su dogara da shi ba, suna rufe kowane saƙo da CRC, wata lambar dubawa mai bit 16 da ake lissafawa daga dukan saƙon, wanda ke kama duk wata dagulewa a jere da tsawonta bai wuce bit 16 ba. Idan kana jan waya mai nisa daga gidan batir zuwa ofis, kusa da injin famfo, CRC ɗin nan shi ne za ka tabbatar shirinka yana dubawa kafin ya karɓi lamba.